Babi na Shida: Suna Ne Ya Ɓata, ko Hanya Ce Ta Yanke?

Me ya sa burauza ke ƙin buɗe shafi alhali akwai data a waya, alamar sabis kuma a cike take, har ma wani lokaci saƙonnin WhatsApp na ci gaba da shigowa? Wannan tambaya ce da masu amfani da intanet ke yawan yi idan suka ci karo da farin allo mai ɗauke da rubutun `This site can't be reached`, wanda a ƙarƙashinsa Chrome da sauran burauzojin da aka gina a kan tushensa ke ƙara wani gajeren layi kamar haka:

```
ERR_NAME_NOT_RESOLVED
```

Mafi yawan mutane idan suka ga haka sukan yanke hukuncin cewa netwok ne babu, sai su kashe na'ura su kunna, ko su sayi sabuwar data, ko su sauya layi. Wani lokaci hakan kan yi magani, wani lokaci kuma kuɗi da lokaci ne kawai ke salwanta, domin layin da burauza ta nuna yana faɗin matakin da aiki ya tsaya ne, ba ya faɗin dalilin tsayawar. Abin da wannan babi zai bayyana shi ne yadda ake raba abubuwa biyu da suka saba zuwa a haɗe, wato hanyar da ke kai na'ura ga intanet da kuma tsarin da ke nemo mata adireshin shafi, a gwada kowanne shi kaɗai har a gane wanda ya gaza.

## Abin da ke faruwa kafin shafi ya buɗe

Kwamfutocin da ke kan intanet ba sa gane juna da suna, da lamba suke gane juna, kuma wannan lamba ita ake kira adireshin IP. A tsohon tsarinta, wanda har yanzu shi aka fi gani, lambobi huɗu ne da ɗigo ke raba su, kowacce daga 0 zuwa 255, kamar `8.8.8.8` ko `192.168.1.1`. Mutum kuwa suna yake iya riƙewa, kamar `ha.wikipedia.org`, saboda haka dole a sami wani tsari da zai karɓi sunan ya mayar da lambar. Wannan tsari shi ne DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983 domin maye gurbin fayil guda ɗaya mai suna `HOSTS.TXT`, wanda a da kowace kwamfuta ke kwafowa don ta san lambobin sauran.

Lamarin ya yi kama da jerin sunayen da ke cikin wayar hannu: mai waya yana taɓa sunan ɗan'uwansa, amma abin da wayar ke kira a zahiri lamba ce. Idan jerin ya goge, kira da suna ba zai yiwu ba ko da akwai kati da sabis, amma wanda ya haddace lambar zai iya danna ta da hannu ya yi magana. Wannan dabara ta danna lamba kai tsaye ita ce tushen duk gwaje-gwajen da za su biyo baya.

Idan aka rubuta suna a burauza, na'ura kan fara duba ma'ajiyarta ta wucin gadi, wato inda take adana amsoshin da ta samu kwanan nan. Idan babu, sai ta aika tambaya ga sabar DNS, wato kwamfutar da aka keɓe don amsa irin waɗannan tambayoyi, wadda yawanci kamfanin sadarwa ne ke bayar da adireshinta ta hannun rauta ko ƙaramar na'urar MiFi. Ita kuma sabar, idan ba ta da amsar a ajiye, takan bi mataki-mataki: ta tambayi sabobin tushe waɗanne ne ke kula da ƙarshen sunan, kamar `.org` ko `.ng` na Najeriya ko `.ne` na Nijar, sannan ta tambayi waɗannan waɗanne ne ke riƙe da bayanan `wikipedia.org`, daga ƙarshe ta karɓo lambar daga sabar mai sunan. Duk wannan kan kammala cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya a yawancin lokuta, kuma sai bayan an kammala shi ne burauza ke fara neman shafin kansa.

## Dalilin da saƙon ke ruɗarwa

Tun da neman adireshi shi ne aiki na farko da ke buƙatar fita waje, duk wata matsala da ke kan hanya a nan take fara bayyana. Idan kwamfuta tana haɗe da rauta lafiya lau amma ita rautar ta rasa sabis, ko data ta ƙare, tambayar DNS ba za ta sami amsa ba, kuma burauza na iya kawo saƙon rashin gano suna duk da cewa DNS bai yi laifin komai ba. Haka nan idan hanya lafiya take amma sabar DNS ce ta daina amsawa, saƙon da zai fito iri ɗaya ne, kamar yadda zai iya zama iri ɗaya idan kuskuren harafi aka yi wajen rubuta sunan, ko rajistar sunan ce ta ƙare ba a sabunta ba.

Ke nan wurare huɗu ne matsalar ke iya kasancewa: a hanya, a sabar DNS da na'ura ke tambaya, a cikin na'urar kanta, ko a wajen mai sunan. Chrome kan yi nasa ɗan bincike wani lokaci ya kawo layi mai ƙarin haske, kamar `DNS_PROBE_FINISHED_NO_INTERNET` idan ya ga hanya ce babu, ko `DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN` idan amsar da ya samu ta ce babu sunan, ko `DNS_PROBE_FINISHED_BAD_CONFIG` idan yana zargin saitin na'ura. Waɗannan suna taimakawa wajen sanin inda za a fara, amma gwajin da mutum ya yi da hannunsa ya fi tabbas. Shigowar saƙonnin WhatsApp ma ba hujja ce cewa DNS na aiki ba, domin manhajar da ta riga ta buɗe hanya da sabarta, ko take riƙe da lambar sabar, tana iya ci gaba da aiki ba tare da sabuwar tambaya ba.

## Gwaji na farko: hanya ba tare da suna ba

A kwamfutar Windows ana buɗe tagar umarni ta hanyar rubuta `cmd` a wurin bincike, sannan a rubuta:

```
ping 8.8.8.8
```

Umarnin `ping` yana aika ƙananan saƙonni huɗu zuwa adireshin da aka ba shi ya jira amsa, kuma tun da lamba aka ba shi, ba ya buƙatar DNS ko kaɗan. Adireshin `8.8.8.8` na sabar DNS ce ta jama'a da Google ya buɗe a 2009, an kuma zaɓe shi a nan ne saboda sauƙin haddacewa da kuma kasancewarsa kusan kullum yana amsawa. `1.1.1.1` na Cloudflare, wanda aka buɗe a 2018, yana yin aiki iri ɗaya. Idan layukan da suka fito sun fara da `Reply from 8.8.8.8`, kowanne da lokacin da amsa ta ɗauka, to hanya a buɗe take har zuwa intanet. Idan kuwa `Request timed out` ko `Destination host unreachable` ne ya fito sau huɗu, to akwai alamar matsalar ta riga DNS, kuma sauya saitin DNS ba zai amfana da komai ba.

A wannan hali na biyu sai a matso kusa a gwada rautar kanta. Umarnin `ipconfig` yana nuna adireshinta a layin `Default Gateway`, wanda galibi yakan zama `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, a wasu na'urorin MiFi kuma `192.168.8.1`. Idan rautar ta amsa `ping` amma `8.8.8.8` bai amsa ba, yankewar tana tsakanin rautar da kamfanin sadarwa, inda ya kamata a duba ragowar data da ƙarfin sabis. Idan kuma adireshin kwamfutar kanta ya fara da `169.254`, wannan na nufin ba ta karɓi adireshi daga rautar ba sam, ta dai ba kanta na wucin gadi, saboda haka tun daga ɗaki matsalar take.

Wannan gwaji yana da iyaka guda da ya kamata a sani: wasu cibiyoyi, musamman na ofisoshi da makarantu, suna toshe irin saƙon da `ping` ke aikawa ko da sauran zirga-zirga na wucewa. Don haka rashin amsa shi kaɗai bai isa hukunci ba, sai an ƙara da rubuta `https://1.1.1.1/cdn-cgi/trace` a burauza, wanda shafi ne da ke buɗewa da lamba. Wannan ita ce kuma hanya mafi sauƙi ga mai wayar hannu da ba shi da tagar umarni: idan wannan shafi ya amsa alhali shafukan da ake kira da suna sun ƙi, zargi ya koma kan DNS.

## Gwaji na biyu: suna shi kaɗai

Bayan an tabbatar da hanya, sai a tambayi sabar DNS kai tsaye da umarnin `nslookup`, a yi tambayar sau biyu:

```
nslookup ha.wikipedia.org
nslookup ha.wikipedia.org 8.8.8.8
```

Layi na farko yana tambayar sabar da aka saita wa na'ura, na biyu kuma yana tsallake ta ya tambayi ta Google. Layuka biyun farko na kowace amsa, `Server` da `Address`, suna nuna wadda aka tambaya ne, ba adireshin shafin ba, kuma wannan wuri ne da sababbin masu koyo ke yawan ruɗewa; adireshin da ake nema yana ƙasa, bayan layin `Name`. Rubutun `Non-authoritative answer` da ke yawan fitowa ba kuskure ba ne, yana nufin amsar ta zo ta hannun sabar da ta nemo ta, ba daga sabar mai sunan kai tsaye ba.

Amfanin gwajin yana cikin bambanta nau'o'in gazawa, domin kowanne wuri daban yake nunawa. Idan aka ga `DNS request timed out`, sabar ba ta ce komai ba: ko ta mutu, ko adireshinta da aka saita ba daidai ba ne, ko an toshe ƙofa ta 53, wadda ita ce lambar ƙofar da tambayoyin DNS na yau da kullum ke bi. Idan aka ga `Non-existent domain`, sabar tana raye kuma ta amsa cewa babu wannan suna, saboda haka sai a duba haruffan da aka rubuta, a kuma yi tunanin ko rajistar sunan ta ƙare. `Server failed` yana nufin sabar ta yi ƙoƙarin nemowa amma ba ta sami amsa mai inganci daga masu sunan ba, shi kuwa `Query refused` yana nufin ta ƙi amsa wa wannan mai tambaya, kamar yadda sabar wani kamfani ke iya ƙin wanda ba ya kan layinta.

Idan aka haɗa amsoshin biyu, hukunci kan fito fili. Inda ta farko ta gaza ta biyu ta kawo adireshi, sabar da na'ura ke amfani da ita ce ke da matsala. Inda duka biyun suka ce babu sunan, alhali wasu sunaye na samuwa, matsalar tana ga sunan, kuma babu saitin da mai na'ura zai taɓa ya gyara ta. Inda duka biyun suka yi shiru ga kowane suna alhali gwajin hanya ya yi nasara, wani abu ne ke tare tambayoyin DNS, wataƙila katangar tsaro ko manhajar VPN. Inda kuma duka biyun suka kawo adireshi amma burauza ta ci gaba da ƙi, matsalar tana cikin na'urar.

## Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin ma'aikacin da ya ɗauko kwamfutar tafi-da-gidanka daga ofis ya haɗa ta da MiFi a gida, sai kowane shafi ya kawo `ERR_NAME_NOT_RESOLVED`, alhali wayoyin iyalinsa da ke kan MiFi ɗin suna buɗe komai. Wannan bambanci tsakanin na'urori biyu da ke kan hanya ɗaya ya riga ya wanke kamfanin sadarwa, amma gwaji zai nuna ainihin wurin. Da aka buga `ping 8.8.8.8`, amsoshi huɗu suka dawo, ke nan hanya lafiya take. Da aka buga `nslookup` na farko, ga abin da ya fito:

```
DNS request timed out.
    timeout was 2 seconds.
Server:  UnKnown
Address:  10.0.0.5
```

Tambaya ta biyu, wadda aka aika wa `8.8.8.8`, ta dawo da adireshin shafin nan take. Abin lura a nan shi ne lambar `10.0.0.5`, domin duk adireshin da lambarsa ta farko 10 ce na cikin gida ne, ba a iya kai wa gare shi daga wata cibiya. Umarnin `ipconfig /all` ya tabbatar da zargin, inda ya nuna `Default Gateway` a matsayin `192.168.8.1`, layin `DNS Servers` kuma yana ɗauke da `10.0.0.5`. Abin da ya faru shi ne an taɓa rubuta adireshin sabar ofis da hannu a saitin kwamfutar, sai ta ci gaba da aika tambayoyinta ga sabar da ke can cikin ofis, wadda daga gida babu hanyar isa gare ta.

Gyaran bai wuce minti biyu ba. Ana rubuta `ncpa.cpl` a wurin bincike, a danna dama a kan haɗin da ake amfani da shi a zaɓi `Properties`, a buɗe `Internet Protocol Version 4 (TCP/IPv4)`, sannan a zaɓi `Obtain DNS server address automatically` domin kwamfutar ta karɓi sabar da MiFi ke bayarwa. Ya kamata a rubuta tsohuwar lambar a takarda kafin a sauya, domin a ofis ita ce ke gane sunayen cikin gida da sabar jama'a ba ta sani ba, kuma idan kwamfutar ta ma'aikata ce, sanar da mai kula da na'urori ya fi dacewa. Daga nan sai a maimaita `nslookup` na farko, a ga layin `Address` ya koma `192.168.8.1` kuma adireshi ya fito, kafin a koma ga burauza.

## Idan gwaji ya yi daidai amma burauza ta ƙi

Umarnin `nslookup` yana magana da sabar kai tsaye, ba ya duba ma'ajiyar wucin gadi ta Windows, ba ya kuma karanta fayil ɗin `hosts`, alhali sauran manhajoji suna bin waɗannan. Shi ya sa nasararsa ba ta wanke na'ura gaba ɗaya. Hanyar gwada bambancin ita ce a buga `ping ha.wikipedia.org`, a wannan karo da suna, domin `ping` yana bin hanyar da tsarin kwamfuta ke bi; idan ya ce `Ping request could not find host` alhali `nslookup` ya samu, matsalar tana tsakanin tsarin da ma'ajiyarsa.

Ma'ajiyar tana riƙe kowace amsa na tsawon lokacin da mai sunan ya ƙayyade, wanda ake kira TTL kuma ake ƙirga shi da daƙiƙoƙi, tana kuma riƙe amsar cewa babu suna na ɗan lokaci. Saboda haka sunan da aka gyara mintuna kaɗan da suka wuce yana iya ci gaba da ƙi a na'urar da ta riga ta adana tsohuwar amsa. Ana share ta da wannan umarni:

```
ipconfig /flushdns
```

Chrome yana da tasa ma'ajiyar daban, wadda ake sharewa ta hanyar buɗe `chrome://net-internals/#dns` a danna `Clear host cache`. Yana kuma da saitin `Use secure DNS` a `chrome://settings/security`, wanda ke iya aika tambayoyi a ɓoye zuwa wata saba dabam da ta kwamfutar. Idan an zaɓi takamaiman saba a nan kuma ba a iya isa gare ta, Chrome shi kaɗai zai gaza yayin da sauran manhajoji ke aiki. Gwada shafin a wata burauza yana nuna hakan nan da nan.

A wayoyin Android, daga na 9 zuwa sama, akwai saitin `Private DNS` mai irin wannan tasiri a kan wayar baki ɗaya. Mutane da dama sukan rubuta sunan wata saba a wurin don toshe talla, su manta, sai ranar da sabar ta tsaya ko cibiyar da suka hau ta toshe ƙofa ta 853 da wannan tsari ke bi, duk shafuka su daina buɗewa. Mayar da saitin zuwa `Automatic` ko `Off` na ɗan lokaci ya isa ya nuna ko shi ne sanadi.

## Lokacin da babu abin gyarawa a gida

A ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɓace daga intanet na kimanin sa'o'i shida. Kamfanin da ya mallake su ya bayyana cewa wani umarni da aka bayar yayin aikin gyara ne ya yanke babbar hanyar da ke haɗa cibiyoyinsa, wanda ya sa sabobinsa na DNS suka janye sanarwar hanyar da ake bi a same su. Duk wanda ya yi gwaje-gwajen wannan babi a ranar zai ga `ping 8.8.8.8` yana amsawa, `nslookup` yana samo sauran sunaye, amma `facebook.com` yana gazawa a kowace saba da aka tambaya. Wannan siffa, wato suna guda ya gaza a ko'ina alhali sauran na aiki, ita ce alamar cewa matsalar tana ga mai sunan, kuma sayen data ko sauya saiti ba zai kawo shafin ba sai shi mai sunan ya gyara.

Sauya sabar DNS zuwa `8.8.8.8` ko `1.1.1.1`, wanda shi ne shawarar da aka fi ji, yana magance hali ɗaya ne kacal daga cikin huɗun da aka lissafa, wato inda sabar da na'ura ke tambaya ita ce ta gaza. Ba ya ƙara ƙarfin sabis, ba ya dawo da sunan da rajistarsa ta ƙare, kuma yana nufin sabuwar sabar ce za ta riƙa ganin sunayen shafukan da ake nema. Don haka ya dace mai karatu ya riƙe jerin yadda yake: a fara gwada hanya da lamba, a tambayi sabar na'ura, a tambayi wata sabar a kwatanta, sannan a taɓa saiti ɗaya kawai a sake gwadawa. Babi na gaba zai ɗauki matakin da ke biye, inda aka samo adireshi daidai amma sabar shafin ta yi shiru ko ta ƙi karɓar haɗi, wato halin da burauza ke nuna `ERR_CONNECTION_TIMED_OUT` ko `ERR_CONNECTION_REFUSED`, kuma gwaje-gwajensa suna farawa ne daga lambar da `nslookup` ya bayar.